Ranar da Muka Koyar da Kujeru Kasuwanci

Ƙungiyarmu ta matasan unguwa a nan Kano ta shirya bita kyauta a kan yadda ake tallar kaya ta waya: ɗaukar hoto mai kyau, rubuta farashi, da amsa wa mai saye ba tare da an yi faɗa ba. Ni aka ɗora wa shirin. Muka yi fom a Google Forms, muka watsa shi a guruf-guruf na WhatsApp wata guda kafin ranar. Da muka rufe, mutum 214 sun yi rajista. Sakatarenmu har ya fara maganar ko za mu nemi filin wasa na Sani Abacha.

Ba mu kai can ba. Muka ari zauren wata makaranta, muka yi hayar kujeru 150, muka ce da Hajiya mai abinci ta dafa mana dafa-duka ta mutum 150, ga ledojin fiya wata an jibge a bakin ƙofa. Ranar Asabar da tara na safe na tsaya da babbar riga da takardar jawabi. Ƙarfe goma mutum shida ne a zauren, huɗu daga ciki 'yan kwamiti. Malamin da muka gayyato ya leƙa, ya tambaye ni cikin ladabi ko ɗalibai sun fita alwala ne. Zuwa azahar dai muka ƙirga 38, har da wani dattijo da ya shigo neman inuwa. Sauran abincin almajiran layin suka yi bikinsa, kuma har yau idan na wuce suna tambaya ta yaushe za a sake bita.

Hajiya da ta zo karɓar kulolinta ta dubi kujerun ta ce, "Ɗan nan, su waɗannan mutanen naka, ka san fuskarsu kuwa?" Na ce sun cike fom. Ta ce, "Ni ma jikata ta cike mini."

Wannan magana ta hana ni barci, don haka washegari na buɗe jerin sunayen a Google Sheets. Na zaɓi jerin gaba ɗaya, na shiga Data, sai Data cleanup, sai Remove duplicates, na ce ya duba layin lambar waya kawai. Nan take 214 ta koma 173. Wani bawan Allah shi kaɗai sau biyar ya yi rajista, wataƙila yana ganin kamar caca ce, mai yawan tikiti shi ke ci. Sai na fara bin mutane ɗaya-ɗaya ina tambaya, ba don faɗa ba, don in ji.

Kashi mafi yawa su ne waɗanda ba su ma san abin da suka cike ba. An turo musu fom a guruf, sun ga kalmar "kyauta" da "matasa", sun zaci tallafi ne irin na gwamnati. Wani ya ce mini yana jiran alat. Wani kuma a Sakkwato yake, wata a Maraɗi, kuma fom ɗinmu bai tambayi kowa daga ina zai taso ba. Mai fom ɗin Sakatare ne, in ana neman wanda za a tuhuma.

Sai masu niyya ta gaskiya da wata guda ya cinye niyyarsu. Wanda ya danna fom yana kwance bayan isha'i bai biya komai ba, bai yi wa kowa alkawari baki da baki ba, ba wanda zai lura idan bai zo ba. Kafin ranar ta zo, saƙonmu ya nutse ƙarƙashin wa'azi da tallar atamfa da sanarwar rasuwa. Ranar kuma da kanta ta yi mana aiki: Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Da aka buɗe hanya sai lokacin ɗaurin aure ya kama, kuma ba wanda zai bar ɗaurin auren ɗan ƙanwar babarsa don ya koyi ɗaukar hoton takalmi. Kalandar tana bangon ofishinmu duk wannan lokaci, Sakatare ne ke zama a ƙarƙashinta.

Akwai kuma abin da mu masu shiri muke kira kyauta alhali ba kyauta ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya tashi. Matar da za ta taso daga Rijiyar Lemo zuwa Hotoro mota biyu za ta hau zuwa, biyu dawowa, ta bar sana'arta ta yini, ta nemi mai riƙe mata yara. A fom duk wannan ba ya bayyana. Da safen ranar yake bayyana, lokacin da ta buɗe jaka.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne nawa mutanen. Akwai kusan ashirin da na sani ido da ido, na kira su a waya ana jibi, kowa ya ce insha Allahu da shi. Daga baya wani abokina ya ce tun ranar ya san yana da tafiya Zariya. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Haba, kai fa ka kira ni da kanka. Ta yaya zan ce maka ba zan zo ba?" Wato don ya girmama ni ya bar ni da kujera da faranti. A nan na gane cewa tunatarwa kaɗai ba ta isa ba. Mutumin da ba zai zo ba yana bukatar ƙofar fita wadda ba za ta ba shi kunya ba, kuma idan ba ka buɗe masa ita ba, zai amsa maka da abin da kake son ji.

Da za mu sake bitar, kuɗin asusu ya riga ya tafi cikin dafa-duka, dole duk dabarar da za mu yi ta zama ba ta ko kwabo. Muka zaɓi Lahadi da ƙarfe goma, a tsakiyar wata, za a tashi kafin azahar. Muka buɗe fom saura kwana goma kawai. A samansa muka rubuta da manyan haruffa cewa ba alawus, ba kuɗin mota, ba tallafi, kuma kujera sittin ce. Muka ƙara tambaya biyu da dole a amsa da rubutu: wace unguwa kake, kuma me kake sayarwa. Wannan ya kori masu jiran alat, ko da yake wani ya daure ya rubuta cewa abin da yake sayarwa shi ne "duk abin da aka ba ni jari". Da rajista ta kai ɗari muka rufe. Saba'in na farko muka ce sun sami wuri, talatin kuma suna jerin jira.

Jerin jiran nan shi ne ƙofar fitar. Saura kwana uku, muka raba sunayen tsakanin 'yan kwamiti, kowa ya aika wa nasa saƙo da sunan mutum a kai: "Salam Malama wance, an ajiye miki kujera ranar Lahadi ƙarfe goma. Akwai mutum talatin da ke jira. In za ki samu zuwa ki turo 1, in wani uzuri ya taso ki turo 2 mu ba wa wata. Wanda ba mu ji daga gare shi ba zuwa gobe da magariba za mu ba da kujerarsa." Yanzu mai tura 2 ba ƙin gayyata ya yi ba, alheri ya yi wa wani. Mutum 12 suka turo 2, wasu har da addu'a. Abokina mai tafiya Zariya ma ya turo, da wata tafiyar.

Dalilin raba sunayen shi ne, saƙon Broadcast na WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, kuma idan lamba ɗaya ta yi ta watsa saƙo iri ɗaya ga baƙin lambobi, ana iya kai ƙararta a rufe ta. Sanarwa a guruf kuma ba ta ɗaure kowa. Kowa zai ɗora babban yatsa ya wuce.

Cikin saba'in ɗin, 44 suka turo 1, 14 suka yi shiru. Sakatare ya so mu lissafa masu shiru cikin masu zuwa, wai shiru ma amsa ce. Na ce haka ne, amma ba wadda yake zato ba. Muka saki kujeru 26 ga masu jira, 19 suka karɓa da murna, domin abin da aka ce maka ya ƙare sannan aka samo maka ya fi daɗi. Jimilla 63 ga kujera sittin, kuma ban damu ba, don ko a cikin masu 1 sai an sami wanda yaronsa ya tashi da zazzaɓi.

Sai muka ba kowa aiki. Muka ce ya zo da kaya ɗaya daga abin da yake sayarwa, za a ɗauki hotonsa a wurin ya tafi da shi. Wadda ta kwana ta goge abaya ta naɗe ta a leda da wuya ta fasa. Muka kuma duba amsar unguwa, muka haɗa na Kurna da na Kurna, na Ɗorayi da na Ɗorayi, su taho a adaidaita ɗaya su raba kuɗin. Wanda ya san akwai mai jiran sa a bakin titi, barci ba ya yi masa daɗi. Da bakwai na safen ranar na aika saƙon murya na rabin minti, saboda ba kowa ke son dogon karatu ba, na yi kwatance da masallaci da mai shayin kwana, na kuma tura Location ga masu iya bin taswira.

Mutum 51 suka zo daga cikin 63. Wannan tsari ba ya hana ruwan sama ko rasuwa, kuma kyautarsa ta kuɗi ce kawai, don 'yan kwamiti sun ƙarar da yammaci guda suna tura saƙo, uwargida ma ta tambaye ni wace ce "Malama wance" da nake ta ajiye wa kujera. Hajiya kuwa ta dafa na mutum 55, bisa lissafin masu 1, ba lissafin fom ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne wakilci. Ana cikin darasi wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya shigo da sallama, ya zauna a sahun gaba, ya ajiye takalmi ƙafa ɗaya a cinyarsa. Na duba jerin ban ga mai kama da shi ba. Na sunkuya na ce, "Kai yaro, wa kake nema?"

Ya ce, "Yayana ne ya aiko ni. Ya ce ya danna 1, kuma shi ba ya saɓa alkawari. Ya ce in zauna masa, a ɗauki hoton takalmin, in an gama in karɓo masa satifiket da abinci."

Na ce ina ɗaya ƙafar? Ya ce tana wurin ƙaninsa, an tura shi wata bitar a Sabon Gari.