Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: zuwa ga matasanmu masu kula da ma'aikata

Ranar Talata na kai shanshera wani kamfanin casar shinkafa, ina tsaye bel ɗin inji ya kama hannun wani lebura ya datse masa yatsu biyu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda. Abin da ya hana ni barci shi ne halin mai kula da su, matashi sa'anmu. Yaro na ihu, shi kuwa ya koma gefe da waya a kunne yana cewa, "Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne, ɗan rauni ne kawai." Wani dattijon lebura ne ya ruga ya kashe injin.

'Yan'uwana, rufa-rufar nan ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda aka ɗora a kan mutane, in hatsari ya auku, aikinsa na farko ya kashe inji daga babban makunni, ya tsayar da mutum a wurin kada wani ya kunna. Ya kira mutane da sunansu: wane, danne raunin da tsumma mai tsabta, kada ka ɗaga, wane, kawo mota. In ka ce "a taimaka mana", kowa zai tsaya kallon kowa. Yatsan da ya cire ma ana naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, ba a ɗora shi kan ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi asibiti tare da mai shi. Shi namu sai ya sa aka kwara ruwa aka wanke jinin, ya ce kowa ya koma bakin aiki, tun motar ba ta fita daga get ba.

Mutanen da suka ga jinin abokinsu hannunsu na rawa, ka mayar da su gaban injin da murfin bel ɗinsa yake jingine a bango? Kamata ya yi ya tara su ya faɗa musu abin da ya sani: an kai shi asibiti kaza, yana numfashi, injin nan ba zai tashi ba sai an mayar da murfi. Da ya yi gum, kafin la'asar har an fara cewa yaron ya rasu. Su kuma masu ɗaukar bidiyo, ku ji tsoron Allah. Ɗan'uwanku na zubar da jini, ku kuna neman inda hoto zai fi fitowa.

Ta bidiyon nan mahaifiyar yaron ta sami labari, bayan an aika mata cewa ɗanta "ya ɗan ji ciwo". Haba! Ramin ƙarya ƙurarre ne. Iyali a ƙafa ake zuwa musu, da babban mutum da wani wanda suka sani. A ce, "Baba, hatsari ya same shi a hannu, yana da rai, yana asibiti, ga mota mu tafi." Kada ka rage, kada ka ƙara, kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, kada kuma ka soma da cewa laifinsa ne.

Na ji mai kula da leburorin yana gaya wa akawu ya rubuta "sakacin ma'aikaci". Murfin fa, wa ya cire? Wa ya ce a ci gaba da aiki a haka? Manaja yana buƙatar lokaci da wuri da sunayen shaidu da halin da injin yake ciki, ko da bayanin zai taɓa ka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya kai rahoton rauni ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take, ma'aikaci kuma ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Duk rahoton da ka murɗe don kare kujerarka, haƙƙin yaron nan ka sa wa hannu. Babba juji ne. In ba za ka iya ɗauka ba, me ya kai ka karɓar muƙamin?

Helimomin da muka taso muka tarar ba su da digiri, amma shi helima ne yake cire rawaninsa ya ɗaure rauni, shi yake kwana a asibiti, shi yake durƙusawa gaban uban yaro ya ce, "A hannuna abin ya faru." Sun san gidan kowane lebura. Namu na ranar Talata sai da ya tambayi leburori sunan unguwar yaron, bayan shekara biyu yana aiki a ƙarƙashinsa.