Cire suna kaɗai bai isa ba

"Mun cire sunayen mahajjata daga rahoton da manhajarmu ke turo wa ofishin Jidda kowane mako. Ai shi ke nan ko?"

A'a, Alhaji, da sauran aiki. Duba layi guda: mace, shekara 71, daga Ringim, ta sauka ranar Talata, ta nemi keken guragu. Babu suna, amma duk ma'aikacin da ya tarbi ayarin ya san ko wace ce. Bayanan nan idan suka haɗu sun fi suna tona asiri.

Rufe lamba daban, dunƙulewa daban. A lambar waya ko ta fasfo, a bar lambobi uku na ƙarshe, sauran a rufe su da alamar tauraro. Shekaru kuwa a sa su rukuni, 60 zuwa 79, gari ya koma jiha.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙananan rukunoni. In wani gurbi a jadawalin rahoton ya nuna ƙasa da mutum biyar, a ɓoye adadin. Amma in jimilla 40 ce, sauran gurabe sun ba da 38, kowa ya san biyu aka ɓoye. Dole a rufe gurbi na biyu, ko a haɗe su. A saka wannan ƙa'ida cikin manhajar kanta, don rahoton da ke fita da kansa ba mai duba shi kafin ya tafi.