Amsar da ta zo a makare, kuma ba ta faɗi wa take amsawa ba

'Yan'uwana matasa, yawancin rigimar da ke tashi a gurufanmu na WhatsApp ba daga zagi take farawa ba. Daga gajeriyar amsa take farawa, wadda ta iso bayan sa'o'i, ta faɗo ƙarƙashin maganar da ba ita ake nufi ba. Abin yana damuna, domin na ga abokan da suka taso unguwa ɗaya a Gombe sun daina gaisawa a kan layi ɗaya na rubutu.

A ce guruf ne na tsofaffin ɗalibai, mutum 40, ana shirin bikin ɗaya daga cikinsu. Da ƙarfe 8 na safe ma'aji, wanda ke da shago a Jekadafari, ya rubuta: "Gudummawa dubu biyar-biyar ce, a turo kafin Juma'a." Hira ta ci gaba, ana barkwanci, ana turo hotunan shadda. Da la'asar wani ya hasala ya ce: "Masu karantawa su yi shiru ɗin nan gara a cire su." Akwai wani malamin makaranta da ke koyarwa a ƙauye bayan Dukku, wayarsa ta wuni wurin mai caji. Bayan isha'i ya kunna data, idonsa ya faɗa kan saƙon ma'aji na safe, ya rubuta: "Haka ya kamata, na goyi baya." Shi kuɗin yake nufi. Amma maganarsa ta sauka a ƙasan batun korar mutane, kowa kuma haka ya karanta ta. Wani da ya yi kwanaki yana jinyar mahaifiyarsa, shi ya sa ba a jin ɗuriyarsa, ya gani ya fice daga guruf ɗin ba sallama.

Babu wanda ya yi ƙarya a nan, babu mai mugun nufi. Guruf yana jera saƙonni ne a layi ɗaya, alhali zance uku ko huɗu ake yi a lokaci guda. Maganin kuma ba ya cin ko daƙiƙa biyu: ka ja saƙon da kake amsawa zuwa dama, ko ka danne shi ka zaɓi Reply, sai ya maƙale a saman amsarka. Sannan kada ka tsaya a "na yarda". Ka cika maganar: "Na yarda da dubu biyar, zan turo ranar Alhamis." In kuma ka daɗe ba ka leƙa ba, gangara zuwa ƙarshe kafin ka ce uffan, don wataƙila an riga an canza shawara tun da azahar.

Sai batun murya, wanda ya fi wuyar sha'ani. Ma'aji ya ga wani ya amsa masa da "To." kawai. A baki, da ya ji ko ta amincewa ce, ko ta gajiya, ko irin wadda ake ja kafin a ce za a gani. A rubuce duk kamarsu ɗaya, sai mai karatu ya ɗora mata muryar da ke cikin ransa a lokacin. In ya wuni yana bin mutane bashin gudummawa, da muryar raini zai ji ta. Mu Hausawa ma abin ya fi shafarmu, saboda rubutunmu na boko ba ya nuna hawa da saukar murya ko jan wasali, ga shi da yawa ba sa sa harufa masu lanƙwasa a waya. Kuma mai rubutun ba ya ganin giɓin, domin shi yana jin muryarsa a kansa yayin da yake dannawa. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan da saƙon imel: masu turawa sun zaci za a gane gatse daga magana ta gaske kusan sau 8 cikin 10, amma abin da aka gane kaɗan ya haura rabi. Wato tabbacin da kake da shi cewa "ai za su gane wasa nake" ba abin dogaro ba ne.

Don haka gatse da wasan taubasantaka ka bar su sai inda ake ganin haƙoranka. Wasan Bafulatani da Babarbare yana da daɗi a majalisa, amma a guruf mai mutum 40 akwai wanda bai san da wasan a tsakaninku ba, kuma rubutu yana zama, a ɗauki hotonsa a kai wani wuri. Idan magana ta shafi kuɗi, gyara ko ƙorafi, kira mutum ko ka yi masa saƙon murya gajere. Saƙon murya ma yana da iyakarsa: wanda ke aji ko kasuwa ba zai saurari minti biyar ba, kuma ba a iya binciko lambar asusu a cikinsa. Adadi, rana da wuri, a rubuta su. Gyaran mutum ɗaya kuwa, akwai Reply privately, ba sai an tsinka shi gaban jama'a ba.

Yanzu shiru. "Ya gani ya ƙi amsawa" ita ce tuhumar da aka fi yi, kuma sau da yawa ba a duba ba. Alamar agogo a gefen saƙo tana nufin bai ma bar wayarka ba. Maki ɗaya, ya fita. A guruf maki biyu ba sa bayyana sai ya isa wayar kowa, ba sa zama shuɗi sai kowa ya buɗe, don haka mutum ɗaya da sabis ya yanke wa a hanyar Nafada ya isa ya riƙe su. In kana son sanin halin mutum guda, danne saƙonka ka shiga Info, za ka ga waɗanda ya isar wa da waɗanda suka buɗe, har da lokaci. Ko hakan ma ka yi hattara. Buɗe guruf ba karantawa ba ne. Mutum na iya leƙawa yana kan layin shiga sallah, saƙo sittin su wuce masa a tare. Wani kuma ya rufe ƙarar guruf ɗin gaba ɗaya, sai ka sa @ da sunansa sannan wayarsa za ta sanar da shi.

Kai da aka tura wa, kana da naka haƙƙin. In ka gani ba ka da sukuni, rubuta: "Na gani, ina wurin aiki, zan amsa bayan magariba." Layin nan kaɗai yana kashe zargin wuni guda.

Masu riƙe da guruf, ku rage wa mutane wahala. Sanarwar ma'aji a yi mata Pin ta zauna a sama, ana zaɓar sa'a 24, kwana 7 ko kwana 30. Shawara irin ta dubu biyar ko dubu uku a yi ta da Poll, a faɗi ranar rufewa, kuma a ba da aƙalla kwana guda saboda na ƙauye da masu aikin dare. In ka lura maganarka ta karkace, Edit yana aiki cikin minti 15 da turawa. Bayan haka kada ka goge ka yi gum, domin kowa zai ga alamar an goge saƙo, ya shiga hasashen abin da ka faɗa. Ka yi Reply a kan maganar taka, ka ce batun gudummawa kake nufi, sannan ka ɗaga waya ka kira wanda ya fita, ka fara da tambayar jikin mahaifiyarsa.