Kashi 3 a takarda, kashi 6 a aljihu

'Yan'uwa 'yan kasuwa, musamman mutanen Kwari da Singa da Sabon Gari da ake bi shago-shago da takardar rance: ra'ayina shi ne lambar kuɗin ruwa da aka rubuta da manyan haruffa ba abin dubawa ba ce. Abu biyu za ka tambaya. Nawa ne zai shigo hannuna? Nawa zan biya, kuma a waɗanne ranaku?

Mu ɗauki misali. An ce za a ba ka naira 500,000 na wata shida, kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata. Kowane wata ruwan 15,000 ne, wata shida 90,000. Jimilla 590,000, wato 98,333 duk wata. Mutum zai ce ai da sauƙi, kashi 36 ne a shekara.

Ga inda gizo yake saƙar. Ana lissafa ruwan nan a kan dubu ɗari biyar ɗin tun daga watan farko har na ƙarshe, alhali kai duk wata kana mayar da 83,333 daga uwar kuɗin. A wata na huɗu saura 250,000 a kanka, amma ruwan yana nan 15,000, ka ga kashi 6 ke nan. A wata na shida saura 83,333 kacal, ruwan bai motsa ba, ya zama kashi 18 na abin da ke hannunka. Kana biyan ruwa a kan kuɗin da ka riga ka mayar musu. In aka bi lissafin daidai, kashi 3 ɗin nan kusan kashi 4.9 ne a wata, tun ba a zo maganar caji ba.

Sai kuma abin da ake yankewa tun a bakin kanta. A ce kuɗin sarrafa rance 10,000, inshora 5,000, fom da sauran tarkace 5,000. Abin da ya faɗo asusunka 480,000 ne, amma biyan wata bai ragu da ko kwabo ba. Duk mai manhajar Excel ko Google Sheets a waya zai iya gwadawa:

```
=RATE(6,-98333,480000)
```

Shida yawan biya ne, lamba ta biyu abin da kake bayarwa duk wata (kada ka manta alamar ragi a gabanta, in ba haka ba kuskure zai nuna maka), ta uku kuwa abin da ka karɓa a zahiri. Zai ba ka kusan 0.062, wato kashi 6.2 a wata. Ka ninka sau 12, ya kusa kashi 75 a shekara. Ninki biyu da ɗoriya na abin da ke takarda.

Akwai masu ƙarawa da ajiyar dole: ka bar 50,000 a wajensu, sai ka gama biya su sakar maka. Za a ce maka ai kuɗinka ne, ba su ɓata ba. Gaskiya ne, amma wata shida ba za ka sari ko yadi ɗaya da su ba, kuma kana biyan ruwansu. A lissafi sai ka sa 430,000 a matsayin abin da ka karɓa, ka ƙara 50000 a matsayin lamba ta huɗu. Zai haura zuwa wajen kashi 7.4 a wata.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke guje wa tayi mai rahusa saboda lambarsa ta fi girma. Wani ya ce kashi 4.5 a wata, amma a kan ragowar bashi yake lissafi, kuma babu caji. A 500,000 ɗin nan biyanka 96,939 ne duk wata, ruwan gaba ɗaya wajen 81,600, kuma kuɗinka cif za ka karɓa. Mai kashi 3 ya ci 110,000 in ka haɗa ruwa da caji. Wanne ne mai tsada?

Na san da yawa za su ce mu ba ma cin bashi da ruwa, murabaha muke yi a bankin Musulunci. Madalla. Hukuncin wannan na malamai ne, amma lissafin bai canza ba: farashin kayan in da kuɗi hannu ne, a cire abin da ka fara bayarwa da duk wani caji, sannan a sa biyan wata-wata. Da haka za ka san ribar wane banki ce ta fi nauyi.

A kula da abu ɗaya: in biyan mako-mako ne, amsar da za ta fito ta mako ce, sai a ninka sau 52. Kuma wannan dabarar tana aiki ne in biyan daidai-wa-daida ne. In ya bambanta daga wata zuwa wata, sai a jera kuɗin a layi a cikin manhajar a yi amfani da `IRR` maimakon `RATE`. Kafin ka sa hannu ka nemi jadawalin biya a rubuce, da jerin duk abin da za a yanke, sannan ka tambaya ko za a rage maka ruwan watannin da suka saura in ka biya da wuri. A irin wannan tsarin na ruwa a kan uwar kuɗi, ba kowa ke ragewa ba.