Kuɗin na nan a ajiye, amma har yaushe?

Wani baduku a unguwar Birni ta Damagaram ya yi mini ƙorafi kwanan baya. Ya sayar da takalma ƙafa goma ta manhajar ciniki, kowace ƙafa jaka shida, ya saka su a motar Yamai, amma kamfanin manhajar ya riƙe masa jaka sittin ɗinsa. Ya ce, "Malam, a Kasuwar Dole ai hannu da hannu ne, wannan kuwa bashi ne da sabon suna."

Ban yarda bashi ba ne. A bashi, kuɗin yana aljihun mai saye, biya kuma sai ya ga dama. A nan kuwa tun kafin baduku ya ɗaure kwali kuɗin sun bar hannun mai saye, suna wurin na uku, kamar yadda ake damƙa wa dattijon kasuwa amana har a ga kaya. Mutumin Yamai ba zai iya janye su don ya sake shawara ba, baduku kuma ba zai taɓa su ba sai takalman sun yi tafiyar kilomita wajen 900 sun isa. Da can dole ɗaya ya yi kasada: ko a aika kuɗi a jira kayan da ba za su zo ba, ko a aika kaya a yi ta kiran lambar da aka kashe.

Inda nake tare da baduku shi ne wajen tabbatar da karɓar kaya a manhajar. Kaya sun isa tasha, mai saye ya karɓa, ya saka abinsa ya tafi biki, bai danna komai ba. Shi ba abin da ya rage masa, gaggawar me zai yi? Baduku kuwa jarinsa ke nan, da kuɗin zai sari fata ya sallami yaran da ke masa ɗinki. Don haka duk manhajar da ba ta yanka wa'adi ba, a ce kwana uku bayan isar kaya in ba a kai ƙara ba kuɗi su fita da kansu, mai saye kaɗai take karewa. Kafin ka saka hajarka, nemi wannan wa'adin a rubuce.

In rigima ta tashi, kamfanin bai san fuskar kowa ba, shaida yake dubawa. Ɗauki hoton kayan kafin a rufe kwali, ka adana rasit ɗin tasha mai kwanan wata da sunan mai karɓa. Kada kuma hoton "na biya" da aka turo maka ta WhatsApp ya sa ka saki kaya. Buɗe manhajar ka gani da idonka.

Mai saye shi ma yana da nasa ramin. Inda ake amfani da lambar sirri ta tabbatar da isar kaya, faɗin ta daidai yake da cewa na gani, na gamsu. Wanda ya karanta ta a waya kafin ya buɗe kwali ya saki kuɗin da bakinsa, ko da ƙafa takwas ya tarar a ciki.