Kada a ɗora wa fulot nauyin injin ruwa

'Yan uwa masu wayarin, aikin da na fi tararwa a gidajen da ke da bohol, kuma yake ci mini rai, shi ne a ja wayar samo, wato injin ruwan bohol, kai tsaye ta cikin fulot suwic ɗin tanki. Injin mai doki 1 yana jan wajen amfiya 5, amma a lokacin tashi yakan ja ninkin haka sau da yawa. Ɗan makunnin da ke cikin fulot bai daɗewa a kan wannan: ko ya ƙone, inji ya ƙi tashi, ko ya liƙe, ruwa ya kwana yana zuba.

Kwantakta ce za ta ɗauki injin. Wuta ta shiga L1 da L2, ta fita T1 da T2 zuwa inji. Sannan a ɗauko layif ta ƙaramin fiyus, ya ratsa firesha suwic, ya wuce fulot, ya ƙare a A1, nutural kuma a A2. A jere nake nufi, ɗaya bayan ɗaya, domin duk wanda ya buɗe a cikinsu inji ya tsaya. Idan aka haɗa su gefe da gefe, sai dukansu sun buɗe kafin ya mutu.

Fulot yana zuwa da waya uku, kuma launinsu ba ɗaya ba ne a kowane kamfani. Ka sa mita, ka sunkuyar da fulot ɗin ƙasa. Biyun da suka haɗu a haka su ne na cika tanki. Ta ukun a naɗe ta da kyau.

Inda aka fi yin kuskure shi ne firesha suwic. Na je wani gida makon jiya, maigidan ya ce mini, "Malam, an sa mini shi, amma ranar da fulot ya maƙale bai kashe komai ba." Ina zai kashe? Bakin bututun a buɗe yake cikin tanki. Tankin yana sama da suwic ɗin da mita 8, kuma kowane mita 10 na tsayin ruwa kusan bar 1 ne a ma'aunin matsi, don haka matsin bai wuce wajen bar 1 ba, alhali suwic ɗin sai a 2.8 yake yankewa. Na sa bawul mai ƙwallo a bakin bututun, na daidaita shi ya rufe sama kaɗan da inda fulot ke kashewa. Yanzu in fulot ya gaza, bawul ya toshe, matsi ya hau, suwic ya yanke.

Sai dai a tabbata injin zai iya kai matsin nan, in ba haka ba zai yi ta gudu a toshe yana zafi. Na gwada a gabansa: na danne fulot ƙasa, na ɗaga ƙwallon da hannu, allurar geji ta hau 2.8, kwantakta ta saki. Sai kuma na ga tana kamawa tana saki, na gane matsin yana zurarewa baya. Ban bar gidan ba sai da na sa bawul mai hana ruwa komawa da ƙaramin tankin iska.