Cire suna kaɗai ba ya rufa wa kowa asiri

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Goronyo ko Wamakko, ko mota ta yi haɗari a hanyar Illela, akwai wanda za a ɗora wa aikin rubuta rahoto: jami'in hukumar agajin gaggawa, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko na wata ƙungiyar jinƙai. A da takardar kan tsaya a teburin shugaba. Yanzu kafin la'asar ta shiga zaurukan WhatsApp, daga nan ta faɗa hannun 'yan jarida. Saboda haka wanda ke rubutu ya sa a ransa tun farko cewa maƙwabcin wanda ya ji raunin zai karanta, haka ma wanda ake zargi da jawo haɗarin.

Yawancin masu rubuta irin wannan rahoto sun san a cire suna da lambar waya, kuma a nan suke tsayawa, suna ganin sun sauke nauyi. Ni ina ganin ba su sauke ba. A ƙauyen da kowa ya san kowa, kwatance ya fi suna saurin tona mutum.

A ce kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa, mai rahoto ya rubuta: "Wata mata mai shekara 34, mai cikin wata 7, matar limamin ƙauyen, ta karye a ƙugu kuma cikin ya zube, tana kwance a ɗakin mata na Asibitin Ƙwararru." Babu suna a ciki. Amma limami nawa ne a ƙauyen, kuma matansa nawa ne ke da ciki? An gaya wa duniya ko wace ce, an faɗi abin da ya same ta a jikinta, an kuma nuna inda za a same ta. A al'adarmu mace kan ɓoye cikinta har ga wasu dangi, balle ɓarinsa. Ga shi takardar hukuma ta yi shelarsa.

Tambayar da ya kamata mai rubutu ya yi wa kowane bayani ita ce: me wannan zai ƙara wajen hana haɗarin sake faruwa? Adadin mutanen da jirgin ya ɗauka yana da amfani. Ko akwai rigunan kariya, ko ƙarfe nawa aka tashi, ko minti nawa aka yi kafin masu ceto su iso, duk suna da amfani. Wanda matar ke aure ba shi da wani amfani. Jimlar za ta iya komawa haka: "Mata 3 da maza 2, dukansu manya, sun samu munanan raunuka, an kai su asibiti a Sakkwato." An haɗa ta cikin rukuni, an mayar da shekarunta "manya", an cire sunan ɗaki da irin raunin. Mai tsara aikin ceto bai rasa komai ba.

Lamarin shaidu ya fi wannan haɗari. "Wani mai shayi a bakin gulbi ya ce matuƙin ya ɗauki mutane fiye da ƙima." Mai shayi ɗaya ne a wurin, kuma gobe da safe dangin matuƙin za su zo su tsaya a gaban teburinsa. Idan kuma rahoton na harin 'yan bindiga ne a yankin Isa ko Sabon Birni, inda tsoron infoma ya sa mutum ba ya sakin baki ko a majalisa, jimla irin wannan tana iya zama sanadin ran mutum. Gyaran shi ne a rubuta "shaidu sun ce", a cire sana'a da wurin da mutum ya tsaya. Kada kuma a kawo maganarsa kalma da kalma, domin kowa da irin lafazinsa, kuma mutanen gari sun san bakin juna. Wani lokacin ma abin da aka faɗa shi ke nuna mai faɗa: in mutum ɗaya ne kaɗai ya ga abin, to ko an kira shi "Shaida na 2" an gane shi. Irin wannan bayani ya tsaya a kwafin cikin gida.

Wato rahoto biyu ake bukata. Na farko cikakke, da sunaye da komai, yana hannun mutane ƙalilan masu bincike. Na biyu shi ne na yaɗawa, kuma gara a rubuta shi sabo a sabon fayil, maimakon a ɗauki na farkon a riƙa gogewa. Dalili shi ne na'ura tana riƙe abin da ido ba ya gani. Wanda ya zana baƙin akwati a kan suna cikin PDF, sau da yawa sunan yana nan a ƙarƙashi. Mai karatu ya kwafi rubutun ya liƙa a wani wuri, sai ga shi ya fito. Takardar Word da aka bar Track Changes a kunne, wato tsarin da ke nuna duk gyaran da aka yi, tana ajiye abin da aka share. Hoton waya kan ɗauki wurin da aka ɗauke shi, kuma in an tura shi a WhatsApp a matsayin Document, wannan bayanin yana tafiya tare da shi. Har sunan fayil ɗin a duba, don akan sa masa sunan majinyaci. Hoton mai rauni kuwa, ko an dushe fuska, zanen da ke jikinta da ƙofar gidan da ke bayanta sun isa.

Gwajin da na fi yarda da shi ba na na'ura ba ne. Kafin a saki rahoton, a ba wani ma'aikaci ɗan yankin da bai sa hannu a binciken ba ya karanta, a tambaye shi: wa ka gane? In ya ce "ai wannan matar liman ce", a koma a sake rubutu.

Doka ma ta tanadi wannan. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar majinyaci sirri ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake yi wa kariya ta musamman. Ita kanta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda 'yan jarida ke kafa hujja da ita, ta keɓe bayanan sirrin mutane. Wani zai ce ai mai raunin ta amince a rubuta bayaninta. Amincewar wadda ke kwance cikin zafin ciwo, jami'i na tsaye a kanta da biro, ba abin dogaro ba ce, kuma da wuya a ce an bayyana mata cewa takardar za ta kai wayar kishiyarta.

Akwai ƙorafi biyu masu nauyi. Na farko, dangi na son sanin ko nasu na cikin waɗanda aka ceto. Haka ne, amma hanyarsa daban ce: jerin sunaye a hannun hakimi ko mai gari da teburin asibiti, suna kawai ba tare da bayanin rauni ba, inda ɗan uwa zai je ya tambaya. In kuma ana cigiyar wanda ya ɓace, danginsa ne za su ba da izinin a faɗi sunansa.

Na biyu ya fi damuna, wato kada "sirri" ya zama mafakar masu laifi. Na sha ganin rahoton da ya kwatanta raunin talaka dalla-dalla, amma da ya zo kan ofishin da ya kamata ya duba jirgin, sai ya koma "hukumomin da abin ya shafa". An juya abin ke nan. Sunan hukumar, da muƙamin wanda ya sa hannu, da ranar da aka kai ƙorafi ba a yi komai ba, waɗannan aikin gwamnati ne, kuma dole su fito a kwafin da jama'a za su karanta.